Notin shaf na Corolla ya ƙi kwancewa: mun sa faif, mun doka, shiru

Sani_BirninKebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa makanikai da masu mota. Ina neman shawara. An kawo mini Corolla 2005 gareji, shaf ɗin gefen direba yana ƙas-ƙas in an karya kwana, robar ta yage, giris duk ya fita. Za mu cire shaf, sai babban notin nan na tsakiyar taya ya ce bai san zance ba. Mun ɗaga mota a jak, mun cire taya, yaro ya taka birki. Na sa soket 30 a fawa handul na rabin inci, na zura faif na ruwa da ya kai kamar mita ɗaya da rabi. Mun danna, bai motsa ba. Mun riƙa dukan ƙarshen faif da guduma, sai faif ɗin ya yi ta tsalle yana dawowa. Sau biyu soket yana zamewa, har kusurwoyin notin sun fara sheƙi. Na tsaya kada in lalata shi. Me zan yi kafin in kai ga kiran mai walda?

Ɗan_Jega:
Wa alaikumus salam. Ƙara tsawon faif kawai. Babu notin da ya fi ƙarfin mita biyu da ƙato ɗaya a kai.

Mai_Kanta_Yauri:
Malam Sani ka tabbata ba baya kake ɗaurewa ba? Notin tayar gefen direba a wasu motoci zarensa na hagu ne. Ni Kanta nake ja, tayoyin hagu sai ka juya su dama suke kwancewa, har harafin L ke kan bakin kusar. Yaran faci da yawa sun karye mini kusa saboda rashin sanin haka.

Baba_Makaniki_Gwandu:
Mai Kanta, abin da ka hwaɗi gaskiya ne ga motarka, amma ba shi Sani ka tambaya ba. Shi notin shaf yake nufi, guda ɗaya babba na tsakiya, ba notocin taya ba. Na Corolla zarenai na dama ne, gefen direba da gefen fasinja duka. Hagu ake juya shi ya kwance.

Sani, ɗana, ajiye guduma ka amsa mini abu biyu. Na farko, bakin shaf ɗin yana da wani ɗan rami da aka yanka, kuma leɓen notin an doke shi ya lotsa cikin ramin. Ka tayar da lotsawar kafin ka fara? Na biyu, soket ɗin naka dogo ne ko gajere?

Sani_BirninKebbi:
Baba, na ɗan taɓa wurin da sukudireba, ya ɗan ɗago. Soket kuma gajere ne, irin farin nan na cikin saiti.

Baba_Makaniki_Gwandu:
To ga matsalarka nan biyu tun ba mu je ga faif ba.

Ɗan ɗagowa bai isa ba. Wannan lotsawar ita ce makullin notin. Nemi siririn kurfi wanda faɗinsa bai wuce faɗin ramin ba, in babu ka goge tsohuwar sukudireba mai ƙarfi a dutsen wasa. Kwantar da shi cikin ramin, gefen da yake shafe yana ƙasa, ka riƙa bugawa a hankali yana shiga ƙarƙashin leɓen har leɓen ya koma da'ira sosai. Haska da fitilar waya ka duba: in kana ganin ramin tun daga baki har ciki babu ƙarfe a kansa, to ya buɗe. In ka bar ko ɗan guntu, ko da ƙarfi ya kwance notin, guntun nan zai bi zaren shaf yana yanka shi har ya fito. In sabon shaf za ka sa, asarar kaɗan ce. In roba kawai za ka canja ka mayar da shi, ka jawo wa mai mota kuɗi.

Soket kuma, bakin shaf yana leƙowa waje fiye da notin. Gajeren soket yana tokare da bakin shaf tun bai zauna ba, sai ya kama rabin notin kaɗai. Shi ya sa yake zamewa, shi ya sa ka ga sheƙi a kusurwoyi. Nemi dogo, baƙin nan mai kauri.

Injiniya_Zuru:
Daidai ne Baba. Zan ƙara da cewa ya nemi mai kusurwa shida. Mai kusurwa goma sha biyu shi ke cinye noti, kowa ya san wannan.

Baba_Makaniki_Gwandu:
Injiniya, a kan noti mai kusurwa shida maganarka ce. Amma notin shaf na Corolla wannan shi kansa kusurwa goma sha biyu gare shi. Soket 30 mai shida ba ya ma shiga. Abin da nike gani yara na yi shi ne su ɗauko wanda ya fi girma su dafka da guduma, sai ya riƙe ƙarshen haƙora kawai ya share su. 30 mai sha biyu, dogo. Shi ke nan.

Injiniya_Zuru:
Na karɓa, Honda na fi sabawa da ita, nata mai shida ne. Amma bari in yi lissafi saboda maganar Ɗan Jega. A littafin Toyota ana ɗaure notin nan a 216 Nm. Ƙarfin juyi kuwa nauyi ne sau tsawo. Mutum mai kilo 70 in ya sa duk nauyinsa a ƙarshen faif mai mita ɗaya, ya ba da kusan 700 Nm. A mita ɗaya da rabi ya haura 1,000. Wato Malam Sani ya riga yana da kusan ninki biyar na abin da aka ɗaure notin da shi. Ko da tsatsa, ko da wani ya taɓa ɗaure shi fiye da ƙima, wannan ya isa. In bai motsa ba, ba ƙarfi ne ya yi kaɗan ba, ƙarfin ne ba ya isa wurin notin. Ƙara faif zuwa mita biyu abin da zai fara karyewa shi ne ɗan murabba'in kan fawa handul ɗin, don na rabin inci ba a yi shi don irin wannan ba.

Ɗan_Jega:
Injiniya lissafi daban, gareji daban. Ni dai faif bai taɓa ba ni kunya ba.

Hajiya_Mai_Kayan_Gyara:
Ɗan Jega, ni nake sayar muku da fawa handul ɗin, kuma na san yadda suke dawowa. Kullum wuri ɗaya ne: ko murabba'in ya murɗe ya fita fit, ko fil ɗin gwiwar ya tsinke. Duk mai yawan aikin shaf ya daure ya sayi na inci uku bisa huɗu da soket ɗinsa. Kuma don Allah ku daina zura faif a kan racet, haƙoransa ƙanana ne, ba ya ɗauka.

Baba_Makaniki_Gwandu:
Allah shi yi miki albarka Hajiya. Yanzu mu zo ga inda ƙarfin Sani ke ɓacewa.

Motar tana sama bisa jak, babu taya. In kun danna faif, shokoba na lotsawa, mota na rausaya, faifan birki na ɗan zamewa tsakanin fad. Kuma in injin a kashe yake, yaron da ya taka birki sau biyu ko uku ya riga ya cinye iskar da ke taimaka mashi, birkin ya yi tauri amma riƙonsa ya ragu. Duk wannan yana shan ƙarfinku kafin ya kai ga noti. Ga kuma haɗari, mota na iya saukowa daga jak.

Ga yadda nike yi. Bayan ka tayar da lotsawa, mayar da taya, cire ɗan murfin tsakiyar rim don soket ya shiga ta nan. In rim ɗin aluminiyam ne ramin ya yi ƙunci, sa safaya ta ƙarfe. Ɗaure notocin taya, sauke mota ƙasa. Ja birkin hannu, amma ka sani na tayoyin baya ne kawai, ba shi riƙe ta gaba. Sa dutse ko katako a gaban taya, domin a gefen direba in kana juya hagu motar gaba take son tafiya. A gefen fasinja kuma baya za ta so, sai ka tare ta baya. Tayar da injin ɗan lokaci, yaro ya taka birki sosai ya riƙe, a kashe injin ƙafarsa tana kai.

Sai soket. Zai leƙo waje daga rim, musamman in ka sa ɗan ƙari. In ka danna haka nan, nauyinka yana karkatar da soket ƙasa yana neman zare shi daga noti. Sa ƙaramin jak ko tarin katako a ƙarƙashin gwiwar fawa handul, daidai tsayin tsakiyar taya, ya tallafe ta. Wannan ɗan tallafin shi ne rabin aikin. Ƙarin kuma ka sa mafi gajarta da za ka samu, guda ɗaya, kada ka jona biyu.

Kana fuskantar taya, faif ya miƙe hagunka, a kwance, ko bakinsa ya ɗan ɗaga sama kaɗan don in ya lotsa ya dawo daidai. Zura faif har ya kusa gwiwa, kada ya tsaya a bakin mariƙi.

Sani_BirninKebbi:
Baba na gode ƙwarai. To dukan fa? Tun ina yaron gareji na ga ana dukan faif.

Baba_Makaniki_Gwandu:
Ana duka, amma ba can ƙarshe ba. Faif da duka aiki biyu ne daban, mutane ke gama su wuri guda.

Dogon faif baka ne. In ka doki ƙarshensa lanƙwasa yake ya shanye dukan, sannan ya mayar maka da guduma. Tsallen da ka gani ke nan. Duka yana amfani ne in ya bi ta ƙarfe gajere mai kauri wanda ba ya lanƙwasa, kuma babu wasa tsakaninsa da noti. Shi ya sa sifanar duka da ake aiki da ita a manyan injuna take gajera, da ƙaton kai a ƙarshe. Ni ina da tsohon baƙin soket 30 da na sa aka yi mashi walda da guntun ƙarfen sifirin na mota, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Shi nike duka. Hannu ɗaya ya danne shi ya cinye wasan, sai guduma mai nauyi, kamar kilo biyu, bugu gajere mai kaifi. Ƙaramar guduma ƙara kawai take yi.

Da faif kuma, duka shi ne jikinka. Hau da ƙafa ɗaya, hannunka na dafe da mota, saki nauyinka a hankali har ka ji duk lotsawar ta ƙare, faif ya tsaya cak. A nan ne za ka ɗan durƙusa ka miƙe da sauri, gajeren girgiza, ƙafarka ba ta barin faif. In ya zo za ka ji ƙara ɗaya tau, faif ya sauka ɗan kaɗan.

Ɗan_Jega:
Ai abin da nake faɗa ke nan, a hau a yi tsalle.

Baba_Makaniki_Gwandu:
A'a, ban ce tsalle ba. In ka yi tsalle ƙafarka ta bar faif, wasan da ka cinye ya dawo, soket ya ɗan ja baya, sai ka faɗo a kai yana karkace. Nan ake share noti, nan ake karya ƙafa.

Usman_Argungu:
Gaskiya ne wanga. Wani abokin aikina ya yi tsalle bisa faif, murabba'i ya tsinke, ya zo da haɓa bisa mudugad. Sai da munka kai shi ɗinki. Tun ran nan ba ni bari yaro ya tsaya saitin bakin faif ko ya sa fuska kusa da soket. Farin soket ma in ya fashe tsalle yake.

Tun da ana maganar, ni matsalata injin ban ruwa ne na fadama. Notin fulawil in za ka kwance sai injin duka ya bi ka yana juyawa. Mi ake riƙe shi da shi?

Injiniya_Zuru:
Malam Usman cire fulogi, juya har fistin ya fara hawowa bawul duka biyu a rufe, tura igiya mai tsabta ta ramin fulogi ka bar wutsiyarta a waje. Fistin zai danne igiya ya tsaya. Ka tabbata bawul a rufe suke, in ba haka ba za ka lanƙwasa ɗaya. Kuma kada ka sa ƙarfe tsakanin fukafukan fanka, karyewa suke.

Nasiru_Honda:
Duk wannan wahalar notin shaf wasa ce a kan kusar fulin karanshaf ta Honda. Kai 19 kawai gare ta amma tana sa babban mutum zufa. Ni sitata nake amfani da ita. In sa soket da fawa handul, in tokare hannun da ƙasa ko da jikin shasi, in ɗan taɓa makulli. Tau ɗaya ta saki.

Baba_Makaniki_Gwandu:
Nasiru, faɗi wace Honda, don akwai yara masu karatu a nan. A EOD mai silinda huɗu injin yana juyawa dama in kana kallon fuli, dabararka tana kwancewa. Amma Hala da Bebi Boi masu silinda huɗu injinsu hagu yake juyawa, kusar kuma zarenta na dama ne kamar kowace. In ka tokare ta ka taɓa sitata, ƙara ɗaure ta kake yi. Kafin kowa ya gwada, ya sa a taɓa makulli ya ga inda fuli ke juyawa da idonsa. Kuma a cire wayoyin koyil ko fis ɗin famfon mai, don in injin ya tashi da ƙarfe a maƙale abin ba kyau.

Nasiru_Honda:
EOD nake nufi Baba. Kuma ina cire koyil.

Injiniya_Zuru:
Ni ko a EOD ban cika son sitata ba. Fulin yana da rami mai kusurwa shida na milimita 50 a tsakiya, an yi shi ne don a sa mariƙi a ciki a tokare da ƙasa, soket 19 ya bi ta tsakiyarsa. Kusar 245 Nm ake ɗaure ta, amma kwancewa tana neman fiye da haka nesa. Kuma abin da Baba ya faɗa game da baka a nan ya fi fitowa: sai ka sa dogon ƙari kafin ka fito daga ramin taya, kana dannawa kana ganin ƙarin yana murɗewa, kusar ba ta ji komai ba. Sai mai kauri na uku bisa huɗu, da jak a ƙarƙashinsa.

Nasiru_Honda:
Mariƙin nan ba kowane gareji ke da shi ba Injiniya. Sitata kowace mota tana da ita.

Garba_Walda:
Ku kawo mini in gasa shi da gas minti biyu ya kwance kamar ba a ɗaure ba. Ko na shaf ko na fuli.

Hajiya_Mai_Kayan_Gyara:
Malam Garba, sannan su zo su sayi boris a wurina. Bayan notin shaf boris ne da giris a rufe cikinsa, zafi yana bin ƙarfe ya narkar da shi. Fuli kuma akwai roba tsakanin ƙarfensa na ciki da na waje, ga sil ɗin mai a bayansa.

Garba_Walda:
Hajiya ai ba ja ake yi masa ba. Ƙaramar wuta a gefe ɗaya na noti, da sauri, kafin zafi ya ratsa. Na yi ba adadi.

Baba_Makaniki_Gwandu:
A fuli ban yarda da wuta ba sam. A notin shaf, in komai ya ƙi kuma za a canja boris dama, to. In kusurwoyi sun riga sun share, na fi son a yanka leɓen notin a tsaga shi da kurfi ta kan ramin nan, tun da a wurin babu zare.

Sani_BirninKebbi:
Alhamdu lillahi, ya kwance. Na samo dogon baƙin soket 30 a wurin maƙwabci. Da na haska ramin ashe lotsawar tana nan fiye da rabi, sai da na goge sukudireba kamar yadda Baba ya ce kafin ta tashi. Na sa safaya, muka sauke mota, katako a gaban taya, ƙaramin jak a ƙarƙashin gwiwa. Faif ɗin nan dai na mita ɗaya da rabi. Na saki nauyi ya lotsa ya tsaya, na girgiza, ya yi ƙara ya sauka. Ban taɓa guduma ba. Zaren shaf lafiya lau, sai tsatsa ja a fuskar notin ta baya.

Ɗan_Jega:
To ai faif ɗin ne dai ya kwance shi.

Baba_Makaniki_Gwandu:
Madalla. Yanzu kada ka tura motar ko taku ɗaya da noti a kwance. Shi ke matse boris ya riƙe shi wuri guda, in nauyin mota ya gangara a kansa a sake zai fara kuka bayan 'yan kwanaki. Ɗaga ta nan inda take. In shaf ya maƙale cikin hob, mayar da tsohon noti ya yi daidai da bakin shaf, sa katako ko guntun tagulla, sannan ka buga. Guduma kai tsaye tana buɗa bakin, noti ba zai ƙara shiga ba.

Sani_BirninKebbi:
An ɗaga ta a wurin Baba. Saura ɗaurewa. Ba ni da sifanar awo, kuma shaf ɗin da mai mota ya kawo na Belgium ne, babu noti a kansa. In mayar da tsohon?

Injiniya_Zuru:
Ɗaurewa kana iya kusanta da lissafi. Raba 216 da nauyinka sau goma. In kai kilo 70 ne, 216 a raba da 700 ya ba da kamar mita 0.31, wato santimita 31. Auna daga tsakiyar soket, yi alama a hannun, ya kwanta daidai, ka tsaya a kan alamar da duk nauyinka ba girgiza, ba faif. In ya daina sauka ya isa. Noti kuwa sabo ake so, leɓen da aka lotsa aka tayar ya riga ya gaji.

Nasiru_Honda:
Ni ina mayar da tsoho in leɓen bai tsage ba. A wani shaf ɗin ai ba wuri ɗaya lotsawar za ta faɗa ba, zai samu sabon leɓe.

Hajiya_Mai_Kayan_Gyara:
Wannan da kusurwoyinsa suka fara sheƙi fa Nasiru? Wanda zai kwance shi nan gaba shi zai sha wuya. Malam Sani turo yaro da tsohon a gwada zare, don akwai masu kama da shi da ba sa hawa.

Usman_Argungu:
Injiniya, igiyar nan wace iri, ta nailan ko ta auduga? Kuma kamu nawa ake turawa?